Daga shafi 46 na majigi zuwa kati biyu a jikin bango: tambayoyi da amsoshi ga shagunan walda

Na yi shekaru ina walda a Magazin ta Suwame, unguwar makanikai da masu walda a nan Kumasi, kafin in koma koyar da kiyaye haɗari a wurin aiki. Tun da na fara zagaya shaguna, magana ɗaya ke dawowa wurina. An tara yara, an haska musu majigi na yini guda, mai horarwa ya tura wa Masta fayil ɗin a waya ya tafi, bayan mako biyu kuma aiki ya koma yadda yake. Masu shaguna da manyan ma'aikata daga Suwame da Asawasi da Abuwabu suna tambayata yadda za a mayar da wannan fayil abin da yaro zai yi amfani da shi yana tsaye gaban inji. Na tara tambayoyinsu a nan, zan kuma amsa su da misalin shago ɗaya da na yi wa wannan aiki. Shagon ƙera bodin manyan motoci ne, mai Masta ɗaya da manyan ma'aikata uku da yara tara, fayil ɗinsu kuma shafi 46 ne.

Malam, ba taƙaita shafukan kawai za a yi ba, a matse su a takarda ɗaya?

A'a, Alhaji, kuma a nan ne yawancin mutane ke ɓata hanya. In ka taƙaita shafi 46, abin da za ka samu shi ne ƙaramin darasi, wanda ya ɗan taɓa komai. Darasi kuwa na mai zama ne. Wanda ya riga ya ɗauki giranda, mai mota na tsaye a kansa yana duba agogo, ba zai karanta darasi ba.

Aikin horo shi ne ya sa mutum ya fahimci dalili. Aikin takardar dubawa shi ne ta tsayar da wanda ya riga ya sani, na ɗan lokaci, a daidai wurin da mantuwa ke kashe mutum ko ta nakasa shi. Matuƙan jirgin sama ne suka fara ɗaukar wannan hanya da gaske. A shekarar 1935 wani sabon jirgin kamfanin Boeing ya faɗi wajen gwaji a Amurka, saboda an tashi ba a sake makullin da ke riƙe linzamin jirgin ba. Matuƙin ƙwararre ne, ba horo ya rasa ba. Abin da aka fito da shi bayan haka shi ne gajeren jerin abubuwan da za a duba kafin tashi. Haka nake kallon katin shago. Ba na rubuta shi don jahili, ina rubuta shi don gwanin da ya gaji ko yake sauri.

To ta ina ake farawa?

Daga shago ake farawa, kafin a buɗe kwamfuta. Na yi safiya biyu a wancan shagon ina zaune a kan benci, ban ce wa kowa komai ba. Ina neman abu ɗaya: lokutan da hannu ke tsayawa da kansa kafin aiki mai haɗari. Na ga guda biyu. Na farko, lokacin da yaro ya ɗaura faifai a giranda yana shirin sa filogi. Na biyu, lokacin da aka jawo tiyon gas ko wayar walda ana shirin kunna wuta. A waɗannan wurare biyu kati zai zauna, domin dama akwai ɗan tsayawa, ni dai zan cika shi ne.

Bayan haka sai fayil. In na PowerPoint ne, ka shiga `View` ka zaɓi `Outline View`, za ka ga rubutun shafukan a jere, ka kwafe shi gaba ɗaya. Sai dai ka kula, wannan ba ya nuna rubutun da ke cikin hoto ko cikin akwatin da aka zana daban, kuma sau da yawa a nan lambobi masu muhimmanci suke ɓuya. Ka duba kuma `Notes` da ke ƙarƙashin kowane shafi, inda mai horarwa ke ajiye abin da zai faɗa da baki. A wancan fayil, maganar gudun faifai a can kaɗai na same ta, babu ita a fuskar shafin.

Yaya ake sanin abin da za a ɗauka da abin da za a bari?

Na buga shafukan a takarda, na baza su a ƙasa, na yi tsibi huɗu. Tara daga ciki maraba ne da tarihin kamfanin horarwa da godiya, suka tafi gefe. Goma sha huɗu bayanin dalili ne: yadda hasken walda ke ƙona ido har mutum ya kwana yana jin kamar an zuba masa yashi, yadda hayaƙin ƙarfe mai rufin zinki ke sa zazzaɓi da dare, da hotunan raunuka. Waɗannan ilimi ne mai kyau, amma wurinsu aji. Takwas aikin Masta ne, kamar sayen kayan kariya da kai tukunyar kashe gobara a cika ta. Yaro ba shi da iko a kansu, don haka ba za a ɗora masa su ba. Saura goma sha biyar, su ne masu faɗin abin da ma'aikaci zai yi da hannunsa. Da na tsinto umarnin da ke cikinsu ɗaya bayan ɗaya, sun kai 31.

Kowane ɗaya daga cikin 31 ɗin na yi masa tambaya uku. In an tsallake shi, zai iya kashe mutum, ko makantar da shi, ko cire masa yatsa, ko ƙona shago? Ana tsallake shi da gaske a wannan shagon? Za a iya tabbatar da shi da ido ko da hannu cikin daƙiƙa kaɗan? Wanda bai ci duka ukun ba, ya fita.

Tambaya ta biyu ce mutane suka fi mantawa da ita. Fayil ɗin ya ce a sa garkuwar fuska mai baƙin gilashi kafin waldar lantarki. Gaskiya ne, amma a safiya biyun nan ban ga mai walda ko ɗaya ya fara aiki babu ita ba, domin hasken da kansa ba ya barin mutum ya manta. Saka shi a kati ɓarnar layi ne. Murfin kariya na giranda kuwa, inji uku cikin biyar babu shi. Wannan dole ya hau kati. Tambaya ta uku ita ta fitar da irin su "ka natsu a wurin aiki" da "ka kula da tsabta". Nasiha ce mai kyau, amma babu yadda za ka duba ka ce an yi ko ba a yi ba.

Layi nawa ya kamata a samu?

Tsakanin biyar zuwa tara a kati ɗaya, kuma a iya gama shi cikin minti guda ko ɗaya da rabi. In ya wuce haka, za ka ga yaro ya duba na sama ya tsallake na ƙasa. In abubuwan sun yi yawa, a raba su bisa lokacin aiki. Shi ya sa shagon ya samu kati biyu, kowanne a inda ake buƙatarsa.

Yaya ake rubuta layin? Mu dai mun kwafo maganar fayil ɗin yadda take.

Maganar fayil an rubuta ta ne don a haska a bango, mai bayani na tsaye kusa da ita yana cike giɓi. A kati babu mai bayani. Don haka kowane layi ya ambaci abu ɗaya da za a taɓa ko a kalla, ya faɗi halin da ake so a same shi, amsarsa kuma ta zama i ko a'a.

Bari in daɗe a kan misali ɗaya, domin shi ne ya fi damuna a Magazin. Fayil ɗin ya ce a yi amfani da faifan da ya dace da inji. Kowa zai gyaɗa kai, amma mene ne dacewa? Ga yaro, faifan da ya shiga shi ne ya dace. Matsalar kuwa ita ce ramin tsakiyar babban faifai mai milimita 230 da na ƙarami mai milimita 115 faɗinsu ɗaya ne, kusan milimita 22. Saboda haka in babban faifai ya cinye ya ragu, sai a cire shi daga babbar giranda a ɗaura a ƙarama don kada a yi asara. In bai shiga ƙarƙashin murfin kariya ba, sai a kwance murfin. Babban faifan nan an yi shi ne ya jure juyi kusan 6,600 a minti. Ƙaramar giranda tana juyawa wajen 11,000 a minti. An haɗa faifan da ya sha aiki, da gudun da ya wuce wanda aka rubuta masa, da rashin murfi, a daidai fuskar yaro. In ya tarwatse, gutsattsarinsa ba sa ba da lokacin kaucewa.

Don haka a kati ban rubuta "faifan da ya dace" ba. Na rubuta: lambar `RPM` da ke kan faifai ta kai ta jikin inji ko ta fi ta? `RPM` shi ne yawan juyi a minti. Lambobi biyu ne, ɗaya a takardar faifai, ɗaya a farantin inji, yaro ya kalle su ya gwada. Farantin wasu injinan ya goge, sai muka nemo lambar daga irinsu, muka rubuta ta da fenti a jiki. In takardar faifai ta goge har ba a ganin lamba, amsar a'a ce, a jefar da shi.

Haka na yi wa sauran. "A tabbata babu yoyon gas" ya koma "an shafa ruwan sabulu a mahaɗa, babu kumfa mai tasowa?" "A kula da wayoyi" ya koma "ka bi waya da hannu daga inji zuwa filogi, babu tagulla a fili?" Kada kuma a haɗa abu biyu mabambanta a layi ɗaya, domin in ɗaya ya yi ɗaya bai yi ba, mai dubawa zai ce i ya wuce.

Za ka nuna mana katin yadda ya fito?

Ga na farko, wanda aka rataye a kan teburin giranda.

KAFIN KA KUNNA GIRANDA. Filogi a cire tukuna.
1. Faifai bai tsage ba, bai ɓalgace ba?
2. Lambar `RPM` ta faifai ta kai ta inji ko ta fi ta?
3. Murfin kariya yana ɗaure, yana tsakaninka da faifai?
4. Mariƙin gefe yana nan?
5. Waya babu tagulla a fili?
6. Ƙarfen da za ka yanka a ɗaure yake, ba hannu ko ƙafa ke riƙe da shi ba?
7. Tabarau yana idonka, garkuwa tana fuskarka?
In ɗaya ya zama a'a, ajiye inji ka kira babba. In sabon faifai ne, bar shi ya juya minti guda ba a kan ƙarfe ba, kowa ya kauce daga saitinsa.

Na biyu yana jikin keken tukwanen gas.

KAFIN KA KUNNA WUTA.
1. Tanki ne, ko duro, ko wani rufaffen abu? In i, tsaya nan, wannan ba aikin kati ba ne.
2. Taku goma sha biyar ta kowane gefe babu mai, babu fenti, babu soso, babu tsumma?
3. Tukwanen gas a tsaye suke, a ɗaure da sarƙa?
4. Babu maiƙo a kan tukunyar oksijin, ko a hannunka?
5. An shafa ruwan sabulu a mahaɗa, babu kumfa mai tasowa?
6. Tukunyar kashe gobara tana kusa, allurarta a kan kore?
7. Wane ne mai gadin wuta? Faɗi sunansa, ya amsa.
Bayan an kashe wuta, mai gadi ya tsaya awa ɗaya. Gobara: 192 ko 112.

Za ku lura layin farko na kati na biyu ya saɓa wa sauran, domin a nan i ce ke tsayar da aiki. Na san hakan na iya rikita mutum, shi ya sa muka zagaye shi da jan fenti. Na gwada juya maganar ta zama "ba tanki ba ne?", sai yara suka riƙa amsa i da a'a suna nufin abu ɗaya.

Fayil ɗinmu daga waje aka kwafo shi. Akwai abin da za mu canza?

Akwai, kuma a bi shi lamba bayan lamba. Na wancan shagon ya ce a kira 911, lambar Amurka. A Gana lambar gaggawa 112 ce, ta 'yan kwana-kwana 192, ta motar asibiti 193. Ya yi maganar wutar lantarki mai ƙarfin volt 120, tamu kuwa 230 ce. Ya ce a share ƙafa 35 kewaye da wurin walda, wato kusan mita 11. Babu mai ɗauko tef kafin ya kunna wuta, shi ya sa na mayar da shi taku goma sha biyar, muka auna da takun mafi ƙanƙantar yaro a shagon.

Sai dai a Magazin shago na manne da shago, sau da yawa mita 11 ta kai ka cikin shagon mai fenti ko mai ɗinkin kujerun mota. Ba na rage lambar don ta yi daidai da wuri. Abin da ba ya kawuwa, a tare shi da fallen kwano ko bargon wuta, a kuma gaya wa maƙwabci kafin a fara. Tartsatsin giranda yana tafiya nesa fiye da yadda ake zato, yana shiga soson kujera ya yi ta ci a hankali babu harshen wuta. Da hunturu, lokacin da komai ya bushe, abin ya fi sauri. Dalilin tsayawar mai gadi ke nan. Tsofaffin fayiloli suna cewa minti 30, sababbin ƙa'idojin gobara na Amurka sun mayar da shi 60. Na zaɓi awa ɗaya, na kuma roƙi Masta a daina kunna wuta in saura awa ɗaya a tashi, domin in ba haka ba mai gadin zai bi sauran yara gida.

Yaya, rabin yaranmu ba sa karanta boko. Me amfanin kati gare su?

Wannan tambaya ta fi kowace muhimmanci a Zango, ƙanena. A shagon nan akwai masu karanta Turanci, akwai waɗanda karatun allo suka yi, ajami ya fi musu sauƙi, akwai kuma yara biyu Tonawa da ba sa jin Hausa sosai. Abu biyu muka yi.

Na farko, kowane layi ya samu hoto, kuma hoton injin shagon ne da muka ɗauka da waya, da kibiya a kan wurin da za a duba. Hotunan fayil na wasu injina ne masu sheƙi da yaran ba su taɓa gani ba. Na biyu, wanda ya fi aiki, muka mayar da katin kira da amsa. Babba ya ce "Murfi?", yaro ya ɗora hannu a kan murfin ya ce "Yana nan." "Lamba?", yaro ya nuna lambobin biyu da yatsa. Wanda ya yi makarantar allo ya san wannan tsarin tun yana ƙarami, cikin mako guda sun haddace. Amma hadda ba ta isa ba, sai an taɓa abin. Baki yana iya cewa "yana nan" alhali ido bai kalla ba, hannu kuwa in ya je bai tarar da murfi ba, zai sani.

Game da suna, a kira kowane abu da sunan da ake kiransa a shagon, ko da aron Turanci ne ko na Tuwi. In ka fassara shi da kalmar da babu mai faɗinta, ka rubuta wa kanka ne.

A sa akwatin maki da wurin sa hannu?

Ga giranda, a'a. Ana ɗaukarta sau da yawa a yini, in ka ce a cika takarda kowane lokaci, za a cika ta gaba ɗaya da yamma da biro ɗaya. Ga aikin wuta a wajen shago, kamar in an kira ku gyara a gidan mai ko a ma'ajiyar kaya, nan rubutu yana da amfani: suna, lokacin farawa, lokacin da mai gadi ya tashi. Manyan kamfanoni ma za su nemi takardar izinin aikin wuta tasu, katinku ba ya maye gurbinta.

Wace irin takarda, kuma ina za a sa ta?

Rabin takardar `A4`, fuska ɗaya, manyan baƙaƙe da za a karanta daga nisan hannu, a rufe da lamineti saboda maiƙo. A ɗaure ta da waya a inda hannu zai je dole, kusa da soket ko a jikin keken gas. Wadda aka manna a ofishin Masta ba ta tsare kowa.

Ta yaya za mu san katin yana aiki?

A gwada shi kafin a kai lamineti. Na ɗauki giranda da aka cire wa filogi, na ɗaura mata faifai mai siririyar tsaga, na sassauta murfin, na ba yaron da ya fi kowa sabunta katin, na koma gefe na yi shiru. Ya gano tsagar. Murfin kuwa ya kalle shi ya ce yana nan ya wuce, domin a rubutun farko cewa na yi "murfi yana nan?" Laifin layin ne. Shi ya sa ya koma "yana ɗaure", kuma a kira da amsa sai an girgiza shi. Sau uku muka gyara katin kafin ya zauna.

Bayan an rataye shi, alamar da na fi dogara da ita ita ce a'a. In wata guda ya wuce ba a taɓa ajiye inji saboda kati ba, a shagon da waya ke gogar ƙasa kullum, to ba a dubawa. Ka tambayi yara, "Wane layi ne ya tsayar da kai a makon nan?" In babu mai amsa, akwai magana. Kati mai tsabta fes bayan wata biyu ma alama ce, wanda ake amfani da shi yana ɗauke da shatin yatsu.

Malam, in yaro ya ce a'a, Masta kuma ya ce a yi aiki haka nan fa?

To katin ya mutu a ranar, kuma sauran yara sun gani. Shi ya sa ba na fara wannan aiki sai na zauna da Masta mun yi magana ta gaskiya. Yaro ɗan koyo ba ya musu da ubangidansa, tarbiyyarmu ke nan, kuma ba na son rusa ta. Hanyar ita ce Masta da bakinsa, a gaban kowa, ya ce wanda ya ajiye inji saboda kati umarninsa ya bi. Sannan ya tanadi abin da zai sa a'a ta koma i da wuri. A wancan shagon, kafin a rataye kati sai da aka sayo murafu uku, da sarƙa, da tabarau na kowa. In babu murfi a shagon gaba ɗaya, layi na uku zai koya wa yara ƙarya ne kawai.

Doka ma tana wannan gefen. Dokar Ƙwadago ta Gana ta 2003, mai lamba 651, a sashe na 118 ta ɗora wa mai ba da aiki samar da kayan kariya da na kashe gobara ba tare da ma'aikaci ya biya ba, da ba da bayani da horo gwargwadon shekarun ma'aikaci da iya karatunsa. Ku lura da wannan na ƙarshe, shi ne hujjar hotuna da kira da amsa. Sashe na 119 kuma ya ba ma'aikaci damar janye jikinsa daga haɗarin da ke gab da afkuwa ya sanar da na gaba da shi, kuma ba a korarsa saboda haka. Ban sa ko ɗaya daga cikin wannan a kati ba. Na Masta ne ya sani.

Me ya sa ba ka rubuta matakan waldar tankin mai ba? Shi ne aikin da ya fi kawo kuɗi.

Da gangan na ƙi. Tankin da ya taɓa ɗaukar fetur ko dizal, wanda ake cewa babu komai a ciki, shi ne mai fashewa, domin tururin mai ya gauraya da iska a cikinsa. Wanke shi da ruwa da sabulu ba ya tabbatar da komai, mai yana maƙalewa a haɗin ƙarfe da cikin tsatsa, zafi ya taso da shi. Hanci ma ba ma'auni ba ne. Yin wannan aiki daidai yana buƙatar tsabtacewa ta musamman, da na'urar auna tururi, da wanda ya san karanta ta. In na matse wannan a layi bakwai, yaro zai bi su ya ɗauka ya tsira, katin da kansa ya zama abin da ya ba shi ƙarfin guiwa. Ina da abokin koyon aiki da ya rasa jin kunne ɗaya a kan duron da aka rantse masa an wanke. Don haka abin da kati zai iya yi a nan shi ne ya tsayar da hannu ya tura maganar wurin Masta.

Shi fayil ɗin kuma, a jefar da shi?

Kada a jefar. Shafuka goma sha huɗun nan na dalili su ne ke ba katin ma'ana, kuma duk sabon yaro sai ya gan su kafin a miƙa masa kati. Abin da muka yi shi ne rubuta lambar shafin fayil a bayan kati, kusa da kowane layi. Ranar Litinin da safe, kafin a jawo waya, babban ma'aikaci ya ɗauki layi ɗaya, ya buɗe shafinsa a waya, ya yi bayani na minti biyar. Layi goma sha huɗu ne a kati biyun, ke nan mako goma sha huɗu kafin a zagayo. Shafuka takwas na Masta kuma suka zama tasa takardar ta wata-wata, wadda ke cikin aljihun teburinsa.

A ƙasan kowane kati akwai ranar da aka rubuta shi. Ana sake duba shi in an sayo sabon inji, ko an canza irin aiki, ko wani abu ya kusa faruwa. Bayan wata uku a wancan shagon, tartsatsi ya kama ƙafar wandon wani yaro mai yadin roba, aka kashe da wuri. Manyan ma'aikata suka nemi a ƙara layin tufafi a katin wuta. Muka ƙara, amma sai da muka cire ɗaya, domin an riga an walda wa tukwanen gas mazauni a jikin keke, ba sa iya kwanciya kuma. Layi na uku yanzu cewa yake yi: rigarka da wandonka na auduga ne?